Yadda Ake Neman Bashi Cikin Mutunci Ba Tare da Sassauta Magana Ba

Duk wanda ke sayar da kaya ko yin aiki a biya shi daga baya ya san irin saƙon nan: “Salam Alhaji, ya gida ya iyali? Don Allah a yi haƙuri da damuwa, ko za a ɗan duba mana maganar nan in an samu hali.” Haka kuma ya san wanda yakan biyo baya bayan wata biyu, idan haƙuri ya ƙare: “Wallahi ban zaci haka kake ba. Ka ji tsoron Allah ka ba ni kuɗina.” Saƙon farko ba ya kawo kuɗi, domin bai nemi komai ba. Na biyu yakan kawo gaba, kuma sau da yawa shi ma ba ya kawo kuɗin, domin ya ba wanda ake bi sabon abin magana: ya bar zancen bashi ya koma zancen an ci masa mutunci.

Saƙonnin biyu ciwonsu ɗaya. Sun sa ladabi da tsauri a inda ba muhallinsu ba. Na farko ya tausasa maganar kuɗin har ta ɓace, na biyu ya tsananta a kan mutumin. Abin da ke aiki shi ne akasin haka: a ba mutum dukkan girmansa a gaisuwa da lafazi da kyautata zato, sannan a tsaya ƙyam a kan abu uku, wato adadin kuɗi, ranar biya, da abin da zai faru idan ranar ta wuce.

Abin da jinkiri ke ci

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, don haka muke jin nauyin tambaya. Sai dai jinkiri yana da farashi, kuma mai bin bashi ne ke biyansa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disambar 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a shekara. A irin wannan yanayi, naira dubu 500 da aka riƙe wa mutum wata shida takan rasa kusan dubu 70 na ƙarfin sayayyarta. Ko an biya shi cif-cif, kayan da zai saro sun ragu.

Addini ma bai ɗauki tambayar haƙƙi a matsayin rashin kunya ba. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, umarni ce a rubuta bashi da wa'adinsa. Aya ta 280 ta ce a saurara wa wanda ke cikin ƙunci, hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito kuma ya kira jan ƙafar mai hali zalunci. Ke nan akwai bambanci tsakanin wanda ba shi da shi da wanda yake da shi amma ya ƙi bayarwa. Saƙon tuni mai kyau shi ne ke fito da wannan bambanci fili.

Mu bi wani misali daga farko har ƙarshe

A ce wani matashi yana da ƙaramar maɗaba'a a Kano. Wata makarantar kuɗi ta ba shi aikin littattafan rubutu 2,000 masu ɗauke da sunanta a kan naira 350 kowanne, da katin sakamako 1,000 a kan naira 150. Jimilla naira 850,000. An ba shi kafin alƙalami 350,000, saura 500,000, a kan za a cika masa kwana 30 bayan kai kaya. Ya kai ranar Litinin 8 ga Satumba, mai kula da sito ya ƙirga ya sa hannu a takardar karɓa. Wa'adi ya kama Laraba 8 ga Oktoba. Mai makarantar dattijuwa ce, sa'ar mahaifiyarsa, akanta ne ke fitar da kuɗi amma sai da sa hannunta.

Kafin ya rubuta ko kalma ɗaya, akwai abin da ya kamata ya duba a wajensa. Ya buɗe bayanan asusunsa na banki ya tabbatar kuɗin ba su shigo ba, domin alat yakan ƙi zuwa alhali kuɗi sun shiga. Ya duba ko takardar neman biya, wadda 'yan kasuwa ke kira inbois, ta isa hannun akanta, kuma lambar asusun da ke jiki daidai ce. Ya tuna ko an taɓa yi masa ƙorafi a kan kayan. Wanda ya aika saƙo mai ƙarfi a kan kuskuren lissafi ya zubar da ƙarfinsa, domin duk saƙon da zai biyo baya za a fara da gyara masa lissafi ne.

Saƙon da ke riga wa'adi

Tuni mafi sauƙi shi ne wanda aka yi tun ba a makara ba, lokacin da babu mai laifi. Ranar Litinin 6 ga Oktoba sai ya tura wa akanta ta WhatsApp, haɗe da hoton inbois da takardar karɓar kaya:

“Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ina tunatarwa cewa cikon kuɗin littattafai da katin sakamako, naira 500,000, wa'adinsa jibi Laraba 8 ga Oktoba. Ga takardun na sake turowa don sauƙin dubawa. In akwai abin da ake buƙata daga wajena kafin a fitar da kuɗin, a sanar da ni yau. Na gode.”

Jimlar ƙarshe tana da aiki babba. Uzurin da aka fi ji a ofisoshi shi ne “ba mu ga takardar ba” ko “ba a sa hannu ba”. Wanda ya tambaya tun kafin lokaci ya toshe wannan ƙofa ba tare da ya zargi kowa ba.

Saƙon farko bayan wa'adi

Laraba ta wuce shiru. Nan ne yawancin mutane ke cewa bari a ba su mako biyu, kada a ce na cika gaggawa. Illar wannan ita ce shirunka yana koya wa abokin hulɗa cewa ranar da aka sa ba ta da nauyi. Washegari, Alhamis 9 ga wata da safe, sai ya rubuta wa mai makarantar da kanta:

“Assalamu alaikum Hajiya, ranki ya daɗe. Da fatan an tashi lafiya, ya ɗalibai? Cikon kuɗin aikin da muka kawo ranar 8 ga Satumba, naira 500,000, wa'adinsa ya cika jiya Laraba, kuma na duba asusu da safen nan bai shigo ba. Ina roƙon a biya zuwa ranar Talata 14 ga Oktoba a asusun da ke jikin inbois. In an riga an tura, a taimaka mini da shaidar biya in bincika a banki. Allah ya ƙara girma.”

A lura da inda ladabin yake. Ya gaishe ta yadda ɗa ke gaida uwa, ya kira ta da laƙabin da ya dace, ya bar mata mafita cewa wataƙila an tura ne bai gani ba. Ya ce kuɗi “bai shigo ba”, bai ce “ba ki biya ba”. Maganar ɗaya ce, amma ta farko tana bayyana halin da asusu ke ciki, ta biyu tana nuna mutum da yatsa.

A lura kuma da inda tsaurin yake. Ya faɗi adadi da lamba, bai ce “'yan kuɗin nan” ba. Ya ambaci aikin da ranar kai shi. Ya sa sabuwar rana mai suna. Ya roƙi abu guda kawai.

Akwai abubuwan da ya bari da gangan. Bai ba da haƙuri ba, domin mai neman haƙƙinsa bai yi laifi ba, kuma “a yi haƙuri da damuwa” tana mayar da bashi kamar alfarma. Bai ce “in an samu hali” ko “ko da rabi ne” ba, domin wanda ya faɗi haka ya yi wa kansa ragi tun ba a nema ba. Bai kuma kawo kukan kansa ba, irin su kuɗin haya ya taso ko yaro ba lafiya. Mutane da yawa suna ganin wannan yana sa tausayi, amma abin da yake yi shi ne sauya dalilin biya. Kuɗin sun zama wajibi ne saboda an kai kaya an karɓa. Idan ka jingina su ga buƙatarka, sai a auna buƙatarka da ta wasu, a ga wataƙila kai za ka iya jira.

Idan aka amsa da alkawari marar rana

Hajiya ta amsa: “Wa alaikumus salam ɗana, ka ƙara haƙuri, in sha Allahu za mu neme ka.” Amsa ce mai daɗi, sai dai babu rana a cikinta. Talata ta zo ta wuce. Ranar Alhamis 16 ga wata sai ya kira ta a waya, domin murya tana gano abin da rubutu ba ya ganowa. Bayan gaisuwa, tambayarsa ɗaya ce: “Hajiya, wace rana zan sa rai, don in san abin da zan gaya wa masu takarda?” Daga nan ya yi shiru ya saurara. Shirun nan yana da wuya, domin kunya kan sa mutum ya cike gurbin da “ba komai, duk lokacin da aka samu”, kuma da wannan jimla guda yakan rushe duk abin da ya gina.

Ta ce iyaye ba su gama biyan kuɗin makaranta ba, amma ranar Juma'a ta sama za ta biya. Da ajiye waya ya rubuta:

“Hajiya, na gode da lokacin da kika ba ni. Kamar yadda muka yi magana yanzu, za a biya naira 500,000 ranar Juma'a 24 ga Oktoba. In na fahimta daidai, a amsa mini da ‘haka ne’. Allah ya saka da alheri.”

Wannan ɗan saƙo ya fi duk sauran daraja. Idan ta amsa, ta yarda a rubuce cewa akwai bashin, ta yarda da adadinsa, ta kuma sa rana da bakinta. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotunan Najeriya damar karɓar bayanan da suka fito daga na'ura idan an cika sharuɗɗansa, don haka kada a goge irin waɗannan saƙonni, a kuma adana hotunansu a wani wurin. Saƙon murya yana da daɗin gaisuwa, amma adadi da rana a rubuta su.

A wannan mataki ne ake gane irin wanda ake bi. Mai ƙunci na gaskiya yakan ɗaga waya, ya faɗi dalili guda wanda ba ya canzawa, ya kawo tayin abin da zai iya, ko da kaɗan ne. Mai jan ƙafa kuwa dalilinsa yana sabunta kowane mako: yau mai sa hannu ya yi tafiya, gobe banki ne, jibi kuma sai a tuna cewa wai littattafan ba su yi kyau ba, bayan an raba wa ɗalibai tun wata guda. Na farko ya cancanci a tsara masa biya kashi-kashi. Na biyu wa'adi yake buƙata. Idan ƙorafin kaya ya taso a makare, a nemi a rubuto shi dalla-dalla, guda nawa ne suka lalace, sannan a ce a biya kuɗin sauran da babu jayayya a kansu yanzu.

Takardar ƙarshe

Juma'a 24 ga wata ta wuce babu kuɗi babu bayani. Yanzu lokacin takarda ne, a kan takardar maɗaba'a mai kan sarki, da kwanan wata da sa hannu. Ya kai da kansa ranar Litinin 27 ga Oktoba, ya sa aka buga hatimin karɓa a kwafinsa, sannan ya tura hotonta ta waya:

“Hajiya, bayan gaisuwa da fatan alheri. Ranar 8 ga Satumba mun kawo littattafai 2,000 da katin sakamako 1,000, jimillar kuɗinsu naira 850,000. An biya 350,000, saura 500,000, wanda wa'adinsa ya cika ranar 8 ga Oktoba. Na yi tuni ranar 9, mun yi magana ranar 16 inda aka sa ranar 24, kuma har yau kuɗin bai shigo ba. Ina neman a biya naira 500,000 nan da ranar Litinin 10 ga Nuwamba. Idan ranar ta wuce ba a biya ba kuma ba mu rattaba hannu a kan tsarin biya ba, zan dakatar da aikin takardun jarrabawar zangon nan, kuma zan shigar da maganar a kotun ƙananan basussuka. Na fi son mu gama wannan a tsakaninmu, domin ina daraja hulɗarmu. Ƙofata a buɗe take a kowane lokaci kafin ranar. Allah ya ƙara girma.”

Babu kalmar fushi ko ɗaya a ciki, amma babu wanda zai karanta ya ce bai gane ba. Ƙarfinta ya fito ne daga jerin ranakun, waɗanda ke ba da labarin da kansu, ba sai an ce wa kowa ya saɓa alkawari ba. Ya ce “zan dakatar”, bai ce “wataƙila a tilasta mini” ba. Kuma matakan da ya ambata duka biyu yana da ikon ɗauka, yana kuma da niyyar ɗauka. Wannan sharaɗi ne da ba a wasa da shi: wanda ya rubuta “gargaɗi na ƙarshe” sau uku ya koya wa mutane cewa ba shi da na ƙarshe.

Kotun da ya ambata tana nan. Jihar Legas ta buɗe kotunan ƙananan basussuka a 2018, Kano ta biyo baya a 2019, wasu jihohin ma sun bi sahu. An tsara su ne a ƙarƙashin kotunan majistare don mutum ya iya shigar da ƙararsa ko ba lauya, a kuma gama shari'a cikin kwana 60. Sharaɗin farko kafin a saurare ka shi ne ka nuna ka ba wanda kake bi takardar neman biya, kuma akwai fom na musamman da ake karɓa a rajistar kotun. Kafin a kai nan, shigar da dattijon da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, ko shugabannin ƙungiyar kasuwa, yakan kashe magana da wuri. Ladabi a nan shi ne a sanar da mutum tukuna cewa za a kai maganar wurin wane, kada ya ji ta a bakin wani.

A misalinmu, Hajiya ta kira a ranar. Ta ce ba za ta iya biya gaba ɗaya ba. Suka rubuta yarjejeniya mai layi huɗu: naira 250,000 ranar Litinin 3 ga Nuwamba, 250,000 ranar Juma'a 28 ga Nuwamba, in aka saɓa kashin farko duka ya zama wajibi nan take, ita da shi da akanta suka sa hannu. Da kowane kashi ya shigo ya aika da rasit da godiya. Aikin jarrabawar kuwa ya karɓa, amma a kan kashi 70 cikin ɗari kafin a fara, ciko ranar kai kaya.

Abubuwan da ke mayar da mai gaskiya mai laifi

Na farko shi ne barazana da 'yan sanda. Bashin ciniki magana ce ta farar hula. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki, kuma kotuna sun sha cin tarar waɗanda suka sa aka tsare wanda suke bi. Wanda ya san doka, da ya ga wannan barazana zai gane ba ka san hanya ba.

Na biyu shi ne tonon silili: sa hoton mutum a Facebook, ko rubuta sunansa a zauren WhatsApp na unguwa, ko kiran matarsa da surukansa. Wannan yana iya jawo maka ƙarar ɓata suna, kuma yana cire abin da ke sa yawancin mutane biya, wato son kare mutuncinsu. Wanda aka riga aka kunyata ba shi da sauran abin da yake tsoron rasawa.

Na uku shi ne ƙirƙiro tarar jinkiri a tsakiyar hanya. Abin da ba a amince da shi tun farko ba ba ya hawa kan mutum don ka rubuta shi a saƙo, kuma jumhurin malamai suna ɗaukar ƙari a kan bashi saboda jinkiri a matsayin riba. Dakatar da sabon aiki da janye damar karɓar kaya bashi sun fi tsafta, sun kuma fi tasiri.

Na huɗu shi ne barin magana ta kwana shekaru. Dokokin jihohi sun ƙayyade lokacin shigar da ƙarar bashin ciniki, galibi shekara 5 ko 6, bayan nan kotu na iya ƙin saurare. Tun kafin wannan ma, bashi yana tsufa yana ƙara wuyar karɓa: akanta ya canza aiki, takardu sun ɓace, wanda ake bi ya saba da riƙon.

Kira ga mai sana'a

Tela ne kai, ko mai kai buhunan shinkafa kantuna, ko ke mai girkin biki ce, tsarin ɗaya ne. A yau ɗauki littafin bashinka ka fitar da suna guda wanda wa'adinsa ya wuce. Tabbatar da lissafin, gaishe shi da girman da ya cancanta, rubuta adadin da lamba, sa rana mai suna, ka kuma faɗi matakin da za ka ɗauka da gaske in ranar ta wuce. Kafin ka tura, goge duk kalmar ban haƙuri da duk kalmar zargi. Mutuncinsa ka kiyaye, haƙƙinka kuma kada ka ji kunyar nema.